Katakon da Ba a Buga wa Ƙusa Ba: Abin da Rahoton Faɗowa Daga Gini Ya Kamata Ya Ƙunsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin gini ranar da wani ya faɗo daga sama ya san yadda wurin ke komawa. Ƙarar shebur ta tsaya, masu kwaɓa su zubar da kayan aiki, a yi kan mutum da salati, a kinkime shi a saka a adaidaita sahu. Kafin ƙura ta lafa wani ya ce, "Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." Kowa ya gyaɗa kai. Gobe da safe a kawo wani yaro ya hau gadon katakon nan dai da ɗan'uwansa ya faɗo daga kansa.

Ba na jayayya da ƙaddara. Amma ƙaddara ba ta hana a tambayi sababi, kuma aikin rahoton haɗari ke nan: takarda ce da ake rubutawa bayan abu ya faru, domin a tabbatar da yadda ya faru da abin da ya ba shi hanya. Rahoton faɗowa daga sama yana duba abu huɗu: yanayin wurin, kayan aiki, horon da aka ba ma'aikaci, da kuma sa idon na gaba da shi. Domin mu ga yadda ake yi, za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. Ba labarin wani kamfani ba ne, misali ne na irin abin da ke aukuwa a wuraren gininmu.

Mu ƙaddara bene ne mai hawa biyu a wata sabuwar unguwa a gefen Kano, ana yi masa filasta ta waje a watan Afrilu. An kafa gadon katako a jikin bango, birkila na sama yana shafe, wani lebura ɗan shekara 22 yana kai masa kwaɓi a kwano. Wajen ƙarfe uku da rabi na yamma leburan ya taka katako, katakon ya ɗaga, ya faɗo ƙasa a kan ɓaraguzan bulo. Ya karye a cinya, kansa ya fashe.

Sa'ar farko: a bar wurin yadda yake

Ceton rai shi ne farko, kuma rahoto yana rubuta yadda aka yi shi. Nan ma akwai kuskuren da ake yawan yi. Mutumin da ya faɗo daga sama yana iya samun karaya a wuya ko gadon baya ba tare da an gani ba. Ɗaukarsa da hannuwa da ƙafafu, ko zaunar da shi a ba shi ruwa, na iya mayar da karayar da za ta warke ta zama shanyewar jiki ta har abada. Abin da ya dace shi ne a riƙe kansa kada ya motsa, a danne inda jini ke zuba, in dole a ɗauke shi a mirgina shi gaba ɗaya kan wani faffaɗan katako ko ƙyauren ƙofa. Rahoto zai faɗi wa ya fara isa gare shi, yaya aka ɗauke shi, ƙarfe nawa aka bar wurin, ƙarfe nawa aka isa asibiti. In gidan mai ɗori aka fara kai shi kafin daga baya a wuce Asibitin Ƙashi na Dala, a rubuta haka, domin likita na bukatar sani, masu biyan diyya ma za su tambaya.

Da an tafi da shi, sai a kewaye wurin da igiya, a hana kowa hawa gadon ko taɓa komai. Wannan yana da wuya, domin abin da zuciyar mai kula da aiki ke fara raya masa shi ne ya ɗauki katakon ya mayar, ya buga masa ƙusa kafin mai gini ya iso. Da ya yi haka ya binne shaida. Wayar hannu ta isa a ɗauki hotuna: na nesa da zai nuna ginin da gadon baki ɗaya, na kusa da zai nuna inda katakon ya kwanta, da inda kwanon ya faɗi, da takalmin mutumin. A ajiye tef na awo a cikin hoton domin a san girman abin da ake gani.

Sannan a zauna da waɗanda suka gani, ɗaya bayan ɗaya, a ranar. In aka tara su wuri guda, maganar babba ita kowa zai maimaita. In aka bari sai bayan kwana uku, abin da mutum ya gani da abin da ya ji a majalisa sun gauraye. Kuma tambayar ba "laifin wa ne?" ba ce. Ana cewa ne, "Malam, a ina kake tsaye? Me ka fara ji? Me ka gani da idonka?" Lebura da ke tsoron a kore shi ba zai faɗi gaskiya ba sai ya tabbata ba a neman wanda za a ɗora wa jakar tsaba.

Yanayin wurin: a auna, kada a ƙiyasta

Rahoton da ya ce "ya faɗo daga sama" bai faɗi komai ba. Daga mita nawa? A misalinmu an ja tef daga katakon zuwa ƙasa, aka sami mita 5. Wannan adadi yana da ma'ana. Wanda ya faɗo daga mita 5 daƙiƙa ɗaya ce kacal tsakaninsa da ƙasa, kuma yana isa ne da gudun kusan kilomita 36 a sa'a, kamar a ce mai babur ya doki bango yana cikin tafiya. A cikin daƙiƙa ɗaya babu wanda zai yi dabarar kama wani abu. Shi ya sa maganar "da ya yi hattara" ba ta da amfani bayan ƙafa ta riga ta bar katako.

Ana rubuta abin da ya faɗa a kai, domin yashi daban, kankare daban, tsinin rodi da ke tsaye kuma wani abu ne daban. Ana rubuta lokaci da yanayin gari: iska, ruwan sama da ya jiƙa katako, hazon hunturu, ko zafin bazara. Leburanmu ya fara aiki tun bakwai da rabi na safe, hutunsa ɗaya ne lokacin azahar, kuma bangon da ake shafewa yana fuskantar yamma, wato rana na dukan idonsa a daidai lokacin. Ana tambaya ko ya ci abinci, ko yana azumi, ko ya kwana yana gadi a wani wurin. Ba don a tozarta shi ake tambaya ba. Gajiya da ƙishirwa suna rage wa mutum lura, kuma wanda ya tsara lokutan aiki yana da hannu a cikinsu.

Akwai kuma yanayin da ba a gani da ido: gaggawa. Aikin jinga ne, ana biyan birkila gwargwadon bangon da ya gama, mai gini kuma ya ce lallai a kammala gefen nan kafin Juma'a. Duk wannan yana shiga rahoto.

Kayan aiki: katakon ya yi magana

A nan ne mai bincike ke durƙusawa ya duba da kyau. Katakon da ya ɗaga mai kaurin inci ɗaya ne, faɗin inci 12, tsawon mita 3.6, irin wanda kafintoci ke amfani da shi wajen zuba kankare. Yana kwance a kan sanduna uku da aka gicciya, tazarar mita ɗaya da rabi tsakanin kowace biyu. Lissafi ya nuna santimita 60 na bakinsa sun zarce sandar ƙarshe, suna reto a iska babu abin da ya tallafe su. Mai binciken ya juya katakon ya duba: akwai tsofaffin ramukan ƙusa, amma babu ƙusa ko ɗaya a jiki, babu kuma sabon tsagi da zai nuna an buga ta fizge. Ashe ɗora shi kawai aka yi.

Yanzu abin ya fito fili. Leburan da kwanon kwaɓin da ke kansa sun kai kilo 90 ko fiye. Katakon kansa bai wuce kilo 20 ba. Da ya taka bakin da ke reto, sandar ƙarshe ta zama kamar tsakiyar ma'auni, gefensa ya yi ƙasa, ɗaya gefen ya yi sama. To me ya sa tun safe yake bi ta nan bai faɗo ba? Birkila ne ya ba da amsa a cikin bayaninsa: duk yinin yana tsaye ne a kan ɗaya gefen katakon, nauyinsa ne ya danne shi. Mintuna kaɗan kafin abin ya faru ya matsa zuwa katako na gaba domin ya ci gaba da shafe. Tarko ne da aka ɗana tun safe, yana jiran a ɗauke ƙafa ɗaya.

Masu sana'ar kafa gado a Biritaniya suna da ƙa'ida a kan wannan: bakin katako kada ya zarce abin da ya tallafe shi da fiye da ninki huɗu na kaurinsa. Katakonsu mai kaurin milimita 38 ne, don haka iyakarsu santimita 15. Namu ya fi nasu siranta, ga shi ya zarce da santimita 60.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko muhimmanci: da katakon ya ɗaga, me ya kamata ya tare shi? A gadon babu shinge a gefen waje. Dokar aiki a sama ta Biritaniya ta 2005 ta ce sandar shinge ta sama ta kai aƙalla santimita 95 daga inda ake tsayawa, a sa wata a tsakiya yadda babu giɓin da zai wuce santimita 47, sannan a kafa katako a gindi domin ya tare ƙafa da kayan da za su gangaro kan na ƙasa. A Amurka kuma, ƙa'idar gama-gari a wurin gini ita ce da zarar gefen da mutum ke aiki ya kai ƙafa 6 daga ƙasa, dole a yi masa kariya. Ba sai ƙarfen waje ba, kafinta na iya yin shingen nan da katakon da ke wurin. Haka kuma faɗin gadon katako ɗaya ne tak, inci 12, mutum na tafiya a kai da kaya a ka.

Mutane da yawa da sun ji labarin za su ce, "Ai da ya ɗaura bel." Rahoto mai kyau ba ya karɓar wannan sai ya yi lissafi. Igiyar ɗamarar da aka fi sayarwa mita 2 ce. Tana da wani ƙunshi da ke warwarewa domin ya rage fizga, yana iya ƙara mita 1.75. A haɗa da tsawon mutum, kusan mita 2, da rarar mita ɗaya don kada ƙafa ta taɓa ƙasa. Jimla mita 6.75 ake bukata daga inda aka maƙala igiyar zuwa ƙasa. In leburanmu ya maƙala ta a gindin ƙafarsa, a mita 5, zai doki ƙasa kafin igiyar ta gama riƙe shi. Kuma a jikin me zai maƙala? Sandar katako da ƙusa biyu ba za ta ɗauki fizgar mutum mai faɗowa ba, sai dai ta biyo shi. Shi ya sa masana ke sa shinge gaba da ɗamara: shinge yana kare kowa ba tare da an tuna da shi ba, ɗamara kuwa sai an sa ta daidai, an maƙala ta a wuri mai ƙarfi da tsawo, an kuma tanadi yadda za a sauko da mutum da sauri in ya rataye, domin daɗewa a rataye ma yana kisa.

Sauran kayan ma ana rubuta su. Takalminsa silifa ne. An ba shi hular kwano, amma ba ta da maɗaurin haɓa, ta fice tun yana iska, an tsince ta nesa da inda ya faɗi. Tsanin da ake hawa da shi ba a ɗaure yake ba. Ƙa'idar tsani ita ce a janye gindinsa mita ɗaya daga bango a kan kowace mita 4 ta tsawo, kansa kuma ya zarce inda za a sauka da kamar mita ɗaya. Tsanin ba shi ya jefo shi ba, amma ana rubuta shi, domin shi ne zai jefo na gaba.

Horo: me aka gaya masa, wa ya gaya masa?

Kalmar horo tana sa mutane tunanin aji da takardar shaida. A wurin gini ma'anarta ta fi haka sauƙi: kafin mutumin nan ya hau, akwai wanda ya nuna masa haɗarin da ke sama? Leburanmu kwana uku ke nan da zuwansa. An ɗauko shi ne daga bakin titi inda leburori ke jiran aiki da safe. A baya aikinsa kwaɓa ne a ƙasa da jidar bulo. Ranar aka ce ya hau domin wanda ya saba kai kwaɓin bai zo ba.

Mai kula da aikin ya ce, "Kullum ina gaya musu su kula." Rahoto zai rubuta maganarsa kamar yadda ya faɗa, sannan ya tambaya: su kula da me? "Ku kula" ba horo ba ne. Horo shi ne a kama hannun sabon yaro a nuna masa: ka ga bakin katakon da ya wuce sanda, kada ka taka, in katako ya motsa a ƙarƙashinka ka sauko ka faɗa, kada ka hau tsani da kaya a hannu biyu, a ja kwaɓi da igiya da bokiti. Magana ce ta minti goma da safe, da Hausa ko yaren da mutumin ke ji, a rubuta ranar da sunayen waɗanda suka halarta. In babu wannan rubutun, rahoto ya ce babu, kada a ƙirƙiro shi daga baya.

Ana kuma tambayar horon wanda ya kafa gadon. Kafinta ne gwani a rufin kwano da katakon kankare, amma ba a taɓa koya masa nauyin da gado zai ɗauka ko tazarar sanduna ba. Da ido yake yi, yadda ya ga maigidansa na yi.

Sa ido: wa ke da alhakin gadon a ranar?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da aka bi sawun katakon, sai aka gano asalinsa a buge yake da ƙusa, kuma guda biyu ne a jere. Jiya da yamma kafintoci suka ɓamɓare su domin su haɗa akwatin zuba linta a bayan gida, katako ya yi musu ƙaranci. Da safe aka mayar da guda ɗaya, aka ɗora shi yadda ya samu. Babu wanda ya duba gadon bayan an taɓa shi. A tsarin Biritaniya ana duba gado kafin a fara hawansa, sannan duk kwana 7, da duk lokacin da aka sauya wani abu a jikinsa ko aka yi iska mai ƙarfi, kuma mai dubawa ya sa hannu. Da an bi ko da sharaɗin nan na "bayan an taɓa shi", da minti biyu sun isa a ga bakin da ke reto.

Lokacin da abin ya faru, mai kula da aikin yana kasuwa sayen siminti, bai bar wa kowa riƙo ba. Injiniya sau ɗaya yake leƙowa a mako. Ɗan kwangila ya ba birkila jingar filasta, birkila ya ɗauko leburan, kafinta kuma na wani ne daban. Kowa ya ɗauka gadon na wani ne. Rahoto zai jera sunayen muƙaman nan ya nuna a hannun wa alhakin ya kamata ya kasance, da inda ya zube a ƙasa.

Tambaya ta ƙarshe a wannan ɓangare ita ce ko an taɓa samun gargaɗi. Wani lebura ya ce da hantsi katakon ya ɗan ɗaga da shi, ya dafe bango, suka yi dariya aka wuce. Bai faɗa wa kowa ba, domin bai san wa zai faɗa wa ba, kuma yana gudun a ce masa rago. Irin wannan tsallake rijiya da baya shi ne rahoton da ya fi kowane araha, domin babu jini a cikinsa.

Rubutawa da miƙawa

Rahoton kansa bai kamata ya yi tsawo ba. A fara da wane ne, ina, yaushe, da irin raunin. A biyo da jerin abin da ya faru bisa lokaci. A ware abin da aka auna ko aka gani daga abin da aka ji, a ware su duka daga ra'ayin mai rubutu. Sannan sababi, hawa-hawa: na kusa shi ne katako marar ƙusa mai dogon baki, na bayansa rashin shinge da ƙuncin gado, na tushe kuwa rashin mai duba gado, rashin nuna wa sabon lebura aiki, da ƙarancin katakon da ya sa ake cirar na wani wuri a toshe wani. Kalmar "sakaci" ita kaɗai ba sababi ba ce, rufe bincike take yi. A ƙarshe a rubuta gyara, kowane da mai yinsa da ranar gamawa. "A ƙara kula" ba gyara ba ne. "Kafinta zai sa shinge da katako uku a jere a duk gadon kafin a koma aiki ranar Asabar, mai kula da aiki zai duba ya sa hannu kowace safiya," wannan shi ne gyara.

Takardar tana da wani amfani ga wanda ya ji rauni da iyalinsa. A Nijeriya, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a asusun diyya, kuma ma'anar ma'aikaci a cikinta ta haɗa da na wucin gadi da ɗan koyo. Dokar ta ba ma'aikaci ko iyalinsa kwana 14 su sanar da wanda ya ɗauke shi aiki, shi kuma ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, in rasuwa ce nan take. Neman diyyar kuma ana shigar da shi cikin shekara ɗaya. Leburan da aka ɗauko daga bakin titi, ba takarda ba rasit, sau da yawa rahoton nan ne kaɗai shaidar cewa ya taɓa aiki a wurin, kuma a nan ƙafarsa ta karye. In ba a rubuta ba, abin da zai samu bai wuce kuɗin ɗori da "Allah ya kiyaye gaba" ba.

Addu'a ce mai kyau, kuma ina cewa amin. Amma duk mai ginin da ya faɗe ta, ina roƙonsa kafin ya shiga mota ya ɗaga kai ya dubi gadon da ke jikin bangonsa. Ya ƙirga katakon da ke jere, ya duba ko akwai shinge, ya sa a taka masa bakin kowane katako daga inda babu haɗari a ga ko zai motsa. Sannan ya tambaya da babbar murya, a gaban kowa, wane ne ya duba gadon nan yau da safe. In aka yi shiru ana kallon juna, to ya riga ya san abin da za a rubuta a rahoton da ke tafe, sunan yaron ne kawai bai sani ba.